Fom ɗin Shiga Makaranta Ya Zo Ta Waya: Yadda Ake Cike Shi A Mayar

Idan hutun ƙarshen shekarar karatu ya gabato, ofisoshin makarantu kan fara tura wa iyaye wata gajeriyar sanarwa, yawanci ta WhatsApp ko ta imel, haɗe da fayil guda mai ƙarewa da haruffan PDF. A da, uba ne ke zuwa da kansa ya sayi fom a gaban akawu, ya zauna a benci ya cike, in ya rikice ya ɗaga kai ya yi tambaya. Yanzu akawun ba ya kusa. Abin da ya maye gurbinsa shi ne layuka biyar ko shida na sanarwar, galibi da Turanci, kuma duk tambayar da uba zai yi, an ɗauka cewa amsarta tana cikin waɗannan layukan.

Kalmomin kan bambanta daga wannan makaranta zuwa waccan, amma abin da ake nema kusan ɗaya ne. A sauke fom ɗin, a cike da manyan baƙaƙe, a manna hoton fasfo, a sa hannu, a haɗa da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawar ƙarshe da rasidin biyan kuɗi, a dunƙule su duka su zama fayil guda wanda nauyinsa bai wuce kaza ba, a sa masa sunan yaro, a turo kafin rana kaza. Mai karantawa da gaggawa zai ga kamar ƙa'idoji ne na son wahalar da mutane. Ni kuwa a ganina kusan kowane layi a ciki an rubuta shi ne saboda wata matsala da ofishin ya riga ya ɗanɗana, kuma wanda ya san dalilin kowane layi ba zai rasa yadda zai bi shi ba, ko da wayarsa ta bambanta da ta maƙwabcinsa.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wata yarinya ce ta gama firamare, ana nema mata aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Fom ɗin shafi huɗu ne. Sanarwar ta ce a mayar ta imel, fayil ɗaya, kada ya haura megabait 2, kafin ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a.

Fom iri biyu ne, ko da yake kamarsu ɗaya

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, kuma a 2008 ya zama ma'auni na duniya wanda kowa ke iya amfani da shi. Amfaninsa shi ne takarda ta fito yadda aka tsara ta a kowace na'ura, layi bai goce ba, akwati bai matsa ba. Wannan ne ya sa makarantu ke son sa. Sai dai wannan tsayuwar tasa ita ce kuma ke rikita iyaye, domin ba a yi shi don a riƙa gyara rubutun ciki kamar saƙon waya ba.

Akwai fom ɗin da aka gina da guraben rubutu a cikinsa. In ka buɗe shi da manhajar da ta dace, za ka ga guraben sun ɗan yi launi, sau da yawa shuɗi mai haske, kuma da ka taɓa ɗaya sai allon rubutu ya taso. Akwai kuma wanda hoton takarda ne kawai: wani ya ɗauki tsohon fom na ofis ya sa a na'urar sikanin, ya turo. Wannan ko ka yini kana dannawa ba abin da zai motsa. Gwajin kenan, kuma bai wuce taɓawa ɗaya ba. Abin lura kawai shi ne a yi gwajin a manhajar da ta san aikin, irin su Adobe Acrobat Reader, wadda kyauta ce a waya da kwamfuta. Wasu ƙananan manhajojin da ke zuwa da waya karatu kawai suke yi, sai su nuna fom mai gurabe kamar busasshen hoto, mutum ya yanke hukunci cewa ba ya cikuwa alhali yana cikuwa.

In nau'i na biyu ne, hanya mafi sauƙi ita ce a je shagon kwamfuta a buga shi a takarda A4, a cike da biro. A ce wa mai shagon ya duba kada gefen takardar ya yanke, domin sau da yawa wurin sa hannu da kwanan wata a can ƙasan shafi suke, kuma su ne farkon abin da ke ɓacewa in ba a daidaita girman ba. A buga kwafi biyu. Na farko a yi gwaji da fensir, na biyu a cike da baƙin biro ko shuɗi mai duhu. Jan biro da fensir ba sa fitowa sosai in an ɗauki hoton takardar, shi ya sa sanarwa kan hana su. Manyan baƙaƙe kuwa dalilinsu shi ne wani mutum ne zai zauna ya kwafe abin da ka rubuta zuwa rajistar makaranta, kuma a rubutun hannu na haɗe ƙananan haruffa irin su a da o, ko n da u, suna saurin shiga juna.

Gurbin suna

A nan nake so a daɗe, domin duk sauran kurakuran ana gyara su cikin yini guda, amma wannan yana iya bin yaro shekara da shekaru.

Fom ɗin yakan zo da gurabe uku: Surname, First Name, Other Names. An tsara su ne bisa al'adar da gida ke da suna guda wanda ɗa ke gada daga uba, jika ya gada daga ɗa. Mu ba haka muke ba. Bahaushe yana da sunan yanka, sai a jingina shi da sunan mahaifinsa, wani lokaci a ƙara na kaka, wani kuma a ƙara sunan gari ko unguwa, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari da sunayen garuruwansu. Saboda haka yara uku 'yan ɗaki ɗaya suna iya fitowa da sunaye na ƙarshe uku daban-daban, gwargwadon wanda ya kai kowannensu makaranta ranar farko.

Ga kuma sunan gida. Yarinyar da aka sa wa sunan kakarta ba a kiran ta da shi saboda kara, sai a ce Ummi ko Nana ko Hajiya. Yaron da ya ci sunan kakansa ya zama Abba ko Baffa. Wani sa'in da wannan sunan aka rubuta shi a firamare, har malamansa ba su san yana da wani ba. Sannan ga bambancin rubutu: Muhammad, Muhammadu, Mohammed, Aisha, Aishatu, A'isha, Abdullahi da Abdullah. A kunnenmu duk abu ɗaya ne. A wurin kwamfutar da ke gwada takarda da takarda, mutane ne daban-daban.

Dalilin damuwar shi ne abin da aka rubuta a fom ɗin shiga shi ake kwafewa cikin rajista, daga rajista kuma ake ɗauka a yi wa yaro rajistar jarrabawar aji uku, bayan shekara uku kuma ta WAEC da NECO. Tun daga 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN ga mai neman shiga jami'a, kuma sunan da ke jikin lambar shi take ɗauka. In sakamakon sakandare ya ce Aishatu Usman, NIN kuma ta ce Aisha Bello, to ranar tantancewa a jami'a za a tsaya. Gyaran yana yiwuwa, amma ya ƙunshi takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci da cigiya a jarida, da biyan kuɗi, da zirga-zirga tsakanin ofisoshi, a daidai lokacin da ake sauri.

To kafin a taɓa fom ɗin, a fito da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a fito da takardar NIN in yarinyar tana da ita, a fito da shaidar kammala firamare, a shimfiɗa su gefe da gefe. A misalinmu, a ce takardar haihuwa da NIN duka sun ce sunanta Aisha, mahaifinta Bello, kakanta Usman, kuma Bello ne ke gurbin sunan ƙarshe, amma katin sakamakon firamare ya ce Ummi Bello. Abin da za a rubuta shi ne abin da ke takardun hukuma, harafi da harafi: BELLO a gurbin Surname, AISHA a First Name, USMAN a Other Names. Ba a sa Ummi ko'ina, sai in fom ɗin ya ware gurbin sunan da ake kiran ta da shi. Sannan a rubuta layi ɗaya cikin saƙon da za a tura, a bayyana cewa sunan da ke katin firamare sunan gida ne, yarinya ɗaya ce. In kuwa takardun hukumar ne kansu suka saɓa wa juna, gara a gyara yanzu tana 'yar shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, da sauran lokaci, a kuma gaya wa makaranta ana kan gyaran.

Wani ƙaramin abu da ya shafe mu kai tsaye: haruffanmu masu ƙugiya. Fom da yawa masu gurabe an gina su ne da salon rubutun da ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Sai ka rubuta Ɗanladi ko Ɗahiru a wayarka ka ga ya fito daidai, amma a kwamfutar ofis harafin farko ya koma ɗan akwati ko alamar tambaya, ko ya ɓace gaba ɗaya a bar anladi. Ina ƙaunar a rubuta Hausa da haruffanta, amma a wannan gurbin a bi yadda takardar haihuwa ta rubuta, kuma galibi da D da K da B marasa ƙugiya take rubutawa.

Kwanan haihuwa shi ma haka. A dubi ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin gurbin ko gefensa. In an rubuta DD/MM/YYYY, rana ce farko, sai wata, sai shekara, yadda muka saba a Nijeriya. In MM/DD/YYYY ne, wata ne farko, tsarin Amurka kenan, kuma yakan biyo fom ɗin da aka ɗauko samfurinsa daga intanet ba a gyara ba. Yarinyar da aka haifa 7 ga Maris 2014 za ta zama 07/03/2014 a tsarin farko. Wanda ya karanta waɗannan lambobin da tsari na biyu zai rubuta 3 ga Yuli, kuma ba abin da zai nuna masa ya yi kuskure, tunda duka ranakun biyu suna yiwuwa. In da bakin biro ake cikewa kuma gurbin yana da fili, rubuta sunan watan da haruffa yana kashe gardamar.

Sauran guraben ba su da wuya. Lambar waya a sa wadda ake ɗauka da rana, a ƙara ta biyu ta wani babba a gidan. In yarinyar a hannun mariƙi take, sunan uba yana gurbinsa, na mariƙi yana nasa, kada a gauraya. Gurbin da bai shafe ku ba a rubuta N/A maimakon a bar shi fayau, domin akawu ba zai san ko mantuwa aka yi ba. Shafin lafiya kuwa ina roƙon iyaye su faɗi gaskiya a kansa. Wasu suna ɓoye sikila ko asma ko farfaɗiya don tsoron kada a ƙi ɗaukar yaro. Tsoron yana da tushe, amma malamin da bai san yarinya tana da sikila ba shi ne zai sa ta gudu a rana ko ya bar ta cikin sanyi, balle in makarantar kwana ce. In ba a taɓa gwajin jinin ba, a je a yi, kada a rubuta AA da ka.

Fom ɗin da ya isa ofis ba komai a ciki

Wannan ita ce matsalar da ta fi ba mutane mamaki. Uba ya zauna ya cike shafi huɗu a waya, ya gani da idonsa, ya tura. Kashegari a kira shi a ce fom ɗinsa fanko ne. Ya rantse ya cike, akawu ya rantse bai ga komai ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Abin da ke faruwa iri biyu ne. Na farko, rubutun da aka yi a guraben bai zauna cikin fayil ɗin ba sai an adana shi. In aka rufe manhajar ba a danna Save ba, ko aka yi aikin a cikin burauza aka sauke ba a lura ba, tsohon fom ɗin ne ya rage. A burauzar Chrome ta kwamfuta, in ka cike fom ka danna alamar saukewa, tana ba ka zaɓi biyu, With your changes da Without your changes. Na farkon shi ne mai ɗauke da rubutunka. Na biyu, an adana ɗin, amma sai aka koma WhatsApp aka danna wa saƙon makarantar alamar turawa gaba. Wannan saƙon asalin fayil ɗin ne da makaranta ta aiko, ba kwafin da aka cike ba. Kwafin da aka cike yana can wani wuri a ma'ajiyar waya, sau da yawa da suna iri ɗaya da na asali, ko da ƙarin lamba ɗaya a ƙarshe.

Maganin duka biyun abu ɗaya ne: da an gama cikewa, a adana da sabon suna nan take, a rufe manhajar gaba ɗaya, a je ma'ajiyar fayiloli a buɗe sabon a gani. Wanda ke son ƙarin tabbaci ya tura wa wata wayar a gidan, a buɗe a can. In rubutun ya fito a wayar da ba a yi aikin a cikinta ba, akwai kyakkyawan zaton zai fito a ofis.

Akwai dabara ɗaya da ke rufe ƙofar gaba ɗaya. Bayan an cike, a zaɓi Print, a wurin zaɓen firinta kuma a ɗauki Save as PDF. Wannan yana fitar da sabon fayil wanda rubutun ya manne da shafin, ya daina zama gurbin da wata manhaja za ta iya ƙin nunawa ko wani ya iya gogewa. Iyakarta ita ce ba a sake gyara shi cikin sauƙi, don haka a ajiye wancan mai guraben ma. Kuma in sanarwar ta ce a mayar da fom ɗin yadda yake da gurabensa, domin wasu ofisoshin suna zuƙo bayanan kai tsaye zuwa kwamfuta, to a bi maganarsu.

Sa hannu ya danganta da abin da sanarwar ta ce. Manhajar Acrobat Reader tana da sashen Fill & Sign inda mutum zai zana sa hannunsa da yatsa ya ɗora a gurbin. Makarantu da yawa suna karɓa. Wasu kuwa sai na biro, musamman a shafin alkawarin bin dokoki da biyan kuɗi. In haka ne, a cike a waya, a buga, a manna fasfo da gam a cikin akwatinsa, a sa hannu, sannan a ɗauki hoton. Wanda ba ya rubutu ya dangwala, ba aibi a ciki, a rubuta sunansa a ƙarƙashin dangwalen. Abin da bai kamata ba shi ne mai shago ya sa hannu a madadin uba.

Megabait biyu

Mu koma ga lissafin misalinmu. Shafin fom huɗu, takardar haihuwa, sakamakon firamare, rasidin banki: takarda bakwai kenan. Kyamarar waya ta yau tana fitar da hoto guda da nauyin da kan kai megabait 3 ko fiye. Bakwai sau uku, 21. An ninka abin da aka nema sau goma.

Iyakar ba ta banza ba ce. Gmail ba ya ɗaukar haɗin da ya wuce megabait 25 a saƙo guda. In ya wuce, sai ya ɗora fayil ɗin a Google Drive ya tura mahaɗi kawai, kuma in ba a ba da izinin buɗewa ba, akawu zai danna ya tarar da ƙofa a rufe. Ko bai kai haka ba, ofishin da ke karɓar fom ɗari biyu ko uku da datar waya ba zai iya sauke megabait 21 daga kowane gida ba.

Mafita ita ce a yi sikanin maimakon ɗaukar hoto zalla, kuma wayar da ke hannu ta isa. Manhajar Google Drive tana da maɓallin Scan, masu iPhone kuma suna da shi a cikin Notes. Waɗannan suna gane gefunan takarda, su miƙar da ita, su ba ka damar ƙara shafi bayan shafi, a ƙarshe su fitar da PDF guda. Shafin A4 da aka ɗauka a ma'aunin ɗigo 150 a kowane inci yana da faɗin ɗigo kusan 1240 da tsawon 1754, kuma wannan ya wadatar a karanta rubutun biro. In aka zaɓi baƙi da fari ko ruwan toka, shafi kan tsaya a kilobait ɗari biyu zuwa uku. Shafi bakwai sau 250 ya ba da 1750, ƙasa da megabait 2. Shafin da ke ɗauke da fasfo shi kaɗai a bar shi da launi, domin fuskar yaro a baƙi da fari takan koma duhu.

A yi aikin da rana, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, ba da fitilar kyamara ba, domin haskenta yana ƙyalli a kan fasfo da takardar da aka lulluɓe da roba. A shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu kuma shafaffe, a riƙe wayar daidai samanta, a tabbata kusurwa huɗu sun shiga kuma inuwar hannu ba ta faɗa a kai ba. Bayan an gama a buɗe, a faɗaɗa da yatsu biyu a kan mafi ƙanƙantar rubutu, wato lambar takardar haihuwa ko lambar rasidi. In kai ka kasa bambance 3 da 8, akawu ma ba zai iya ba. In fayil ɗin ya ɗan haura iyaka, mai shagon kwamfuta yana iya matse shi, amma a sake wannan gwajin bayan matsewar, domin matsewa mai yawa ita ce ke dusashe lambobi.

In makarantar ta WhatsApp take karɓa, a tura ta hanyar Document, kada a bi ta Gallery. Abin da aka tura a matsayin hoto WhatsApp yana rage ingancinsa, kuma hotuna bakwai marasa suna in suka faɗa cikin na wasu iyaye, ba mai sanin takardar haihuwar wa ce wannan. Dalilin da ya sa ake cewa a canza sunan fayil kenan. In kowa ya mayar da shi da sunan da ya zo da shi, kwamfutar ofis za ta cika da fayiloli masu suna ɗaya, wani ma ya hau kan wani ya shafe shi. A bi tsarin da sanarwar ta bayar. In ba ta bayar ba, wannan ya isa:

```
Bello_Aisha_JSS1.pdf
```

Haka kuma a rubuta sunan da ajin a layin Subject na imel ɗin. In 'ya'ya biyu ake nema wa, kowa da fayil ɗinsa, kowa da saƙonsa.

Inda ake turawa

Fayil ɗin da aka haɗa yanzu yana ɗauke da cikakken sunan yarinya, hotonta, ranar haihuwarta, adireshin gida, lafiyarta, wataƙila da lambar NIN mai lamba 11. Ba abin sakawa a zauren iyaye ba ne inda mutum ɗari ke gani. A tura wa adireshi ko lambar da sanarwar ta ambata kawai. In a shago aka yi aikin, a tsaya a ga an goge fayil ɗin daga kwamfutarsu da wayar yaron shagon kafin a tafi. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, kuma makaranta tana cikin masu nauyin kiyaye abin da ta karɓa, don haka uba yana da damar tambayar wa ke buɗe akwatin imel ɗin.

Haka nan, sanarwar da ta zo ta hannun wani, an turo an sake turowa, a tabbatar da ita kafin a biya ko sisi. Canza lambar asusu a cikin saƙo aiki ne na minti ɗaya. In asusun sunan mutum yake ɗauke da shi maimakon sunan makaranta, a kira ofishin ta lambar da aka riga aka sani, ko a taka a je.

Ofisoshin ma suna da nasu rabon. Sanarwar da ba ta faɗi ko fom ɗin mai gurabe ne ko na bugawa ba, ba ta faɗi tsarin kwanan wata ba, ba ta faɗi ko sa hannun yatsa ya wadatar ba, ita ce ke haifar da rabin kiran wayar da akawu ke kuka da shi. Layi uku za su magance wannan. A garin da yawancin iyaye Hausa suke ji, ban ga abin da zai hana a rubuta sanarwar da harshe biyu ba, ko a haɗa da saƙon murya na minti biyu. Kuma ya kamata ƙofar kawo takarda da hannu ta zauna a buɗe, domin akwai gidajen da wayar da ke cikinsu ba ta buɗe PDF, kuma yaransu ba su fi kowa rashin cancanta ba.

Kada a jira yammacin Juma'ar. A tura tun Laraba, domin in aka ce shafi na uku bai fito ba, a sami yinin gyarawa. Bayan an danna turawa, a leƙa akwatin Sent a tabbata saƙon yana can da fayil ɗinsa a manne, ba ya maƙale a Outbox saboda rashin sabis. A duba kuma ko wani saƙo ya dawo yana cewa ba a sami adireshin ba, wanda harafi ɗaya da aka kuskure kan jawo. Alamar shuɗi biyu a WhatsApp tana nuna an ga saƙon ne kawai, ba ta nuna an buɗe fayil ɗin an same shi cikakke ba. In kwana ɗaya na aiki ya wuce ba amsa, a kira a ce an turo fom ɗin wance ranar kaza da ƙarfe kaza, a nemi a duba a tabbatar da cewa shafi bakwai ne kuma duk suna karantuwa. Takardun asali da kwafin da aka sa wa hannu da biro a ajiye su cikin ambulan guda, domin makarantu da yawa suna neman ganinsu ranar jarrabawar shiga ko ranar da aka kawo yarinya.